Mai gabatarwa, tambayi baƙonka kafin ka ba da dariya da shi

A taronmu na yau, ko na ƙaddamar da littafi ne, ko walimar aure, ko bikin yaye ɗalibai, mutumin da ya fi kowa daɗewa riƙe da makirfo shi ne mai gabatarwa. Shugaban taro zai yi jawabinsa ya zauna, babban baƙo mai jawabi zai yi nasa ya zauna, shi kuwa mai gabatarwa yana tsaye daga addu'ar buɗewa har ta rufewa. Kowane baƙo ta bakinsa yake shiga idon jama'a. Abin da ya faɗa a kan mutum cikin minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙa masa makirfo shi ne abin da mutane za su riƙa tunawa yayin da mutumin yake magana. Shi ya sa nake ganin zancen raha a wajen gabatar da baƙo ya wuce a bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama. Ra'ayina shi ne, raha tana da wuri a gabatarwa, amma da sharaɗi guda: ta zama irin wadda baƙon zai iya ramawa in ya karɓi makirfo, ya rama cikin dariya ba tare da ya zubar da girmansa ba. Duk rahar da ta bar baƙo ba shi da abin yi sai murmushin dole, ba shi aka yi wa aiki ba, an ci da shi ne kawai.

Ba na cikin masu cewa a daina raha gaba ɗaya. Na san akwai dattawa masu wannan ra'ayi, kuma na fahimci abin da ya kai su can, domin sun ga wulaƙanci iri-iri da sunan ba da dariya. Amma duk wanda ya taɓa zama a zauren taro tun ƙarfe goma na safe ana jiran babban baƙo, har rana ta take, fanka ta tsaya, mutane suka fara hamma suna latsa waya, ya san amfanin kalma mai daɗi guda ɗaya. Malamin da zai tashi ya yi sharhin littafi na minti talatin a gaban mutanen da suka gaji yana buƙatar wanda zai farkar masa da su. In mai gabatarwa ya karanto tarihin karatunsa kamar mai karanta sanarwar kotu, digiri na ɗaya a nan, na biyu a can, ya riƙe kaza ya riƙe kaza, to ya miƙa masa taron da ya riga ya yi barci. In kuwa ya sa mutane suka yi dariya sau ɗaya, suka ɗaga kai suka dubi malamin da sha'awa, ya rage masa rabin wahala.

Mu kuma muna da abin da ya sauƙaƙa mana wannan, wato wasan barkwanci na gado. Barebari da Fulani, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Damagarawa, a Nijar ga Zabarmawa da Buzaye, ga kuma na cikin gida tsakanin taubasai, da jika da kaka, da ƙanin miji da matar wa. Al'adar ta yi ƙarfin da a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Masu gabatarwa da yawa a nan suke samun mafaka. Da an ce musu sun wuce gona da iri sai su ce ai abokin wasa ne, ai al'ada ce. To amma al'adar da suke kafa hujja da ita tana da ƙa'idojinta, kuma babbar ƙa'idar ita ce kowa yana da bakin ramawa. Babarbare ya ce wa Bafulatani bawansa ne, Bafulatanin ya mayar masa nan take, a tashi babu wanda ya fi wani. Taubasai ma haka, ɗan mace da ɗan namiji kowa ya san abin da zai ce, har in watan cika-ciki ya zo a biyo bashin kuɗin shara ana dariya. Wasan yana da daɗi ne saboda mutum biyu ne suke yin sa, kuma dukansu sun san dokarsa tun suna yara.

A kan dandamali wannan daidaito yana raguwa. Mutum ɗaya ne yake da makirfo, ɗayan yana zaune, ɗaruruwan idanu suna kansa. Don haka aikin mai gabatarwa ne ya tabbatar ya bar wa baƙon ƙofar ramuwa a buɗe.

Na ga an yi haka yadda ya kamata a wani taron ƙaddamar da littafi. Mai gabatarwa Babarbare ne, mai sharhin littafin kuwa farfesa ne Bafulatani, dattijo mai furfura. Da lokacinsa ya zo, mai gabatarwa bai fara da wasa ba. Ya fara da faɗin dalilin da ya sa aka zaɓi wannan malami: fannin da littafin ya yi magana a kai shi ne fannin da ya koyar shekara da shekaru, kuma marubucin kansa ya taɓa zama ɗalibinsa. Sai da ya kafa wannan, jama'a suka san cewa mai ilimi ne zai tashi, sannan ya ɗan dakata ya ce, "Ranka ya daɗe shugaban taro, abu ɗaya ne ya dame ni. An ce in gabatar da farfesa da cikakken girmamawa, ni kuwa a gidanmu ba a saba ubangida ya yi wa yaronsa kirari ba. Amma tunda kun matsa, yau ɗaya na yafe." Zaure ya ɗauki dariya, farfesan ma har da tafa hannu. Mai gabatarwa bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wasan ba. Ya koma murya ta natsuwa, ya faɗi cikakken sunan malamin da muƙaminsa, ya roƙi jama'a su tarbe shi da tafi. Da farfesan ya iso, bayan ya yi sallama ya gaida manya, sai ya juya ya ce yana godiya ga masu shirya taro da suka tuna suka ba yaron gidansa aikin yi, domin ya daɗe yana neman inda zai sa shi. Dariyar da aka yi a karo na biyu ta fi ta farko, kuma daga nan ya shiga sharhinsa mutane suna sauraro.

Abin da ya sa wannan ya yi kyau a fili yake in aka duba. Wasan bai taɓa ilimin malamin ba, wanda shi ne dalilin zuwansa, asali ma sai da aka ɗaukaka ilimin kafin a yi wasan. Bai taɓa jikinsa ko iyalinsa ko aljihunsa ba. An yi shi sau ɗaya, a tsakiyar gabatarwa, sannan aka rufe da suna da girmamawa, saboda haka abin da ya rage a kunnen mutane lokacin da dattijon yake takowa shi ne muƙaminsa. Kuma akasarin waɗanda suke zauren sun san wasan Barebari da Fulani, ba wanda ya ɗauka faɗa ne. Uwa uba, dariyar ƙarshe ta baƙo ce. Mai gabatarwa na ƙwarai yana murna in baƙonsa ya kayar da shi, domin ya san dama abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Daga baya na ji cewa kafin a fara taron ya je ya durƙusa ya gaida farfesan, ya ce masa, "Baba, zan ɗan taɓa ka fa in lokaci ya yi," farfesan ya ce ya taɓa, yana nan yana jiransa. Wannan 'yar tambaya da ba ta kai minti ɗaya ba ita ce ta ba dattijon damar shirya amsarsa.

A irin wannan taro na ƙaddamar da littafi akwai wani baƙon da aka fi cutarwa, shi ne babban mai ƙaddamarwa. Kowa ya san an gayyato shi ne don ya sayi kwafi da kuɗi mai tsoka. Shi ya sa wasu masu gabatarwa suke ganin sun sami nama. Za ka ji ana cewa Alhaji ya zo da buhu a bayan mota, ko kuma a ce yau za mu ga ko kuɗin da ake faɗa gaskiya ne, ko a ce duk abin da ya gaza miliyan kaza ba za mu karɓa ba. Mutane za su yi shewa, Alhaji zai yi murmushi. Amma ka duba halin da aka jefa shi. In ya ba da abin da ya yi niyya tun daga gida, kuma ya gaza adadin da aka ambata, ya zama marowaci a idon taro. In ya ƙara don gudun kunya, an karɓe masa kuɗi ba da son ransa ba, kuma a nan ne ake samun alkawarin da ba a cikawa, marubuci ya yi ta sintiri ofishinsa wata da watanni. Wace amsa zai bayar cikin raha? In ya ce ba shi da kuɗi, a ce ƙarya yake yi. In ya ce yana da su, a ce alfahari yake yi. Ba shi da ƙofa ko ɗaya. Ga shi kuma a wannan zamani na garkuwa da mutane, babu mai hankalin da yake son a tsaya a bainar jama'a ana lissafa dukiyarsa da lasifika. In ana son a ɗan sa shi dariya, akwai hanya: a ambaci wani abin kirki da aka san shi da shi, kamar yadda ya kasa wuce mai sayar da littafi bai tsaya ba tun yana ɗalibi, in har gaskiya ne. Wannan zai iya amsawa da jin daɗi, kuma bai ɗaure masa hannu a kan adadi ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne abin da ake yi wa mata. An gayyato likita ko lauya ko malamar jami'a ta yi wa 'yan mata jawabi a bikin yaye ɗalibai, ta bar aikinta ta zo, sai mai gabatarwa ya gama jero karatunta ya ƙara da cewa, "Kuma ga albishir ga samari da masu neman ƙari, har yanzu ƙofa a buɗe take." Na ga an yi wa wata haka a wata makaranta. Maza suka yi ihu daga bayan zauren, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, ta taso ta karɓi makirfo muryarta tana ɗan rawa. Minti biyar na farko na jawabinta sun tafi a banza, domin rabin zauren ba maganarta suke ji ba, kallonta suke yi suna raɗa. Ba ta da yadda za ta rama. In ta yi dariya ta biye masa, a ce ba ta da kamun kai. In ta nuna ɓacin rai, a ce ta cika girman kai, shi ya sa ma ba ta yi aure ba. Mai gabatarwa bai san ko an sa mata rana an fasa ba, bai san ko mijinta ya rasu ba, bai san abin da take ji a gida kullum a kan wannan magana ba. Kuma darasin da ya koya wa ɗaliban da ke zaune shi ne, kome karatun da mace ta yi, in ta hau dandamali abin da za a fara tambaya shi ne ko tana da miji. An gayyato ta ne don ta koyar da akasin haka.

A walimar aure ma akwai irin wannan, kuma ta zama kamar dole. Da an kira ango sai a ce masa saura uku. Abokan ango za su yi tafi, amma a zauren akwai uwar amarya da gwaggonninta da suka kwana suna kuka za su rabu da 'yarsu, ga ita amaryar a zaune kusa da shi. Tsakanin ango da abokansa a zaure wannan wasa ne da ya saba. A lasifika, a gaban surukai, magana ce da za a tuna. Mu da muke da kunyar surukai har mutum ba ya iya cin abinci a gabansu, ban ga yadda za a ce a ranar farko ta surukuta a sa ango ya yi dariyar zancen kishiya a gaban uwar matarsa ba. Haka nan zolayar uban amarya a kan yawan kayan ɗaki ko ƙarancinsu, ko tsokanar wata daga cikin ƙawaye cewa ita kaɗai ta rage. Wasan da ya halatta a wurin shi ne wanda al'ada ta riga ta ba wa masu shi: kakar amarya ta ce ango mijinta ne an ƙwace mata, taubasai su yi nasu. In mai gabatarwa yana son dariya, ya miƙa wa kaka makirfo na ɗan lokaci. Ita tana da lasisin da shi ba shi da shi.

Wannan zancen lasisi yana da muhimmanci, domin wasan barkwanci ba a aron sa. Bakano ba zai tsaya ya yi wa Bafulatani wasan Barebari ba don kawai ya ji ana yi. Wanda ba taubashinka ba in ya kira ka bawa, zagi ne. Kuma ko wanda yake da lasisin, akwai inda yake ajiye shi. Mai gabatarwa Bazazzagi zai iya taɓa wani ɗan kasuwa Bakano, amma in wakilin Sarkin Kano ne ya shigo da rawani da dogarai, to ba mutum ɗaya ne ya shigo ba, masarauta ce ta shigo. Ana gabatar da shi da sarautarsa da gaisuwar da ta dace da ita, a yi shiru. In shi basaraken ya ga dama ya fara wasan da kansa lokacin jawabinsa, wannan nasa ne, kuma sau da yawa sukan yi, sai a amsa masa da ladabi. Babba yana iya sauko da kansa ya yi wasa da na ƙasa. Na ƙasa ba ya jawo babba ya sauko da shi a gaban mutanensa. Haka yake ga malamin addini da aka gayyato ya yi nasiha, da alƙali, da duk wanda kwarjininsa yana cikin abin da ya zo da shi.

Sannan zamani yana canza nauyin wasa. Maganar da kakanninmu suka yi wa Fulani a kan shanu da daji suna dariya, yau in aka yi ta a lasifika tana iya faɗawa kan wani rauni. Shekarun nan na satar shanu da fashin daji da garkuwa da mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna sun sa ana yi wa Fulani kuɗin goro, ana jingina wa mai laifi da marar laifi suna ɗaya. Mai gabatarwa da zai ce wa baƙo Bafulatani a yi hattara da shi kada ya tafi da wani daji, ko da shi Babarbare ne na asali, ya fita daga wasan gado ya shiga wani abu dabam. A zauren akwai wanda aka kashe wa ɗan'uwa, akwai kuma wanda aka ƙone wa ruga ba da laifinsa ba. Haka in aka juya aka jingina wa Babarbare abin da ya faru a Borno. Tsakanin Tibi da Fulani ma akwai tsohon wasa, amma bayan jinin da aka zubar a Binuwai ba kowane zaure ne zai ɗauke shi ba. Wasan gado yana magana ne a kan abin da kowa ya san ba gaskiya ba ne, shi ya sa ba ya ciwo. Da zarar ya taɓa abin da ake karantawa a labarai, ya daina zama wasa.

Akwai kuma wayar hannu. Da can maganar da aka yi a zaure a zaure take ƙarewa, waɗanda suka ji ta sun ga fuskar mai faɗa, sun ji abin da ya gabata, sun ji ramuwar da ta biyo baya. Yanzu kowane taro akwai masu ɗauka, kuma abin da zai yi yawo shi ne daƙiƙa ashirin ko talatin da aka yanko. Wanda zai gani a Legas ko Fatakwal bai san Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne ba, abin da zai ji kawai shi ne wani Bahaushe ya tsaya a taro yana kiran Bayarabe bawansa. Ko a cikin zauren ma, in taron na ma'aikata ne ko na jami'a inda rabin mutane ba su tashi cikin wannan al'ada ba, mai gabatarwa yana da zaɓi biyu: ko ya bar wasan, ko ya yi wa jama'a bayani a jimla ɗaya cewa tsakanin mutanensa da mutanen baƙon akwai wasa na kaka da kakanni. Ni na fi son ya bari, domin wasan da sai an yi masa sharhi ya riga ya rasa rabin daɗinsa.

Masu kare irin wannan raha sukan ce ai baƙon da kansa ya yi dariya. Wannan hujja ba ta da ƙarfi a wurin mutanen da aka tarbiyyantar da kunya da kara. Bahaushe zai yi murmushi a gaban jama'a ko da an soka masa magana, ya bar ta a ciki, sai dai a gaba in an sake gayyatarsa ya ce yana da uzuri. Dariyar baƙo ba ita ce ma'auni ba. Akwai alamun da suka fi ta gaskiya, kuma mai gabatarwa da ke kallon zaure zai gan su. In wasa ya yi daidai, dariya tana tashi lokaci ɗaya daga ko'ina, har da babban teburi. In ya kauce, sai ka ga dariyar ta fito daga kusurwa ɗaya, yawanci ta samari a baya, manya kuwa sun sunkuyar da kai ko sun shiga duba takardar shirin taro. Za ka ga mutane sun fara duban fuskar baƙon kafin su yanke shawarar ko su yi dariya. Za ka ji wata dattijuwa ta ce subhanallahi a hankali. Alama ta ƙarshe tana zuwa ne in baƙon ya karɓi makirfo: in ya fara da gyara abin da aka faɗa a kansa, yana cewa a gaskiya ba haka abin yake ba, to an sa shi ya kashe farkon jawabinsa wajen wanke kansa.

In hakan ta faru, abin da ya fi muni shi ne mai gabatarwa ya ƙara wani wasan don ya rufe na farko, ko ya tsaya yana nanata cewa wasa yake yi kada a ji haushi. Wannan yana ƙara nuna wa kowa inda ciwon yake, kuma yana ɗora wa baƙon laifin rashin ɗaukar wasa. Gara ya koma kan girmamawa nan take, ya faɗi suna da muƙami ya miƙa makirfo, in an tashi ya sami mutumin shi kaɗai ya ba shi haƙuri. In maganar ta yi nauyin da ba za ta jira ba, jimla ɗaya ta isa: a gafarce ni, wannan magana ba ta dace ba. Mutane suna girmama wanda ya faɗi haka ya wuce.

Addininmu ma bai bar wannan fage babu iyaka ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da sunayen banza. Kuma an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha da sahabbansa amma ba ya faɗin kome sai gaskiya, kamar mutumin da ya roƙi abin hawa ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa, sai aka tuna masa cewa kowane raƙumi ɗan taguwa ne. Mutumin ya tafi da abin hawansa da mutuncinsa. Na kawo wannan ne saboda wata ɗabi'a da ta yaɗu, ta ƙirƙiro wa baƙo labarin da bai faru ba don a ba da dariya, a ce wai lokacin da yake makaranta ya yi kaza, ko a tono laƙabin da abokai suke kiransa da shi yana yaro. Mutum ya kai shekara sittin, 'ya'yansa da ma'aikatansa suna zaune, a kira shi da sunan da aka laƙaba masa a aji uku saboda gajartarsa ko santsin kansa. Daga ranar sunan ya koma bakin yaran ofishinsa. Tsohon abokin makaranta da aka ba gabatarwa shi ya fi faɗawa wannan rami, domin yana ganin kusancinsu ya ba shi dama, alhali kusancin amana ce aka ba shi.

Ban ɗora wa masu gabatarwa laifin duka ba. Masu shirya taro suna da nasu kason. Sau da yawa ana ɗauko mutum ne don an san shi da ba da dariya, a miƙa masa takardar sunayen baƙi a bakin ƙofa ana saura minti goma a fara, wani sunan ma ba a rubuta shi daidai ba. Mutumin da bai san kome game da baƙo ba, kuma an biya shi don ya sa a yi dariya, zai kama abin da idonsa ya gani ne: ƙiba, tsawo, ƙabila, mace ce ko namiji, irin motar da aka zo da ita. Waɗannan kuwa su ne ainihin wuraren da ba a taɓawa. Rahar da take taimakon baƙo daga saninsa take fitowa, kuma sanin yana buƙatar a zauna. Kwana ɗaya kafin taro, wani daga cikin masu shiryawa ya zauna da mai gabatarwa na rabin awa, su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya: wannan ga yadda ake faɗin sarautarsa, wannan an yi masa rasuwa watan jiya, waɗannan biyun ba sa ga maciji saboda siyasa kada a haɗa su a wasa ɗaya, wannan yana son raha kuma ga abin da za a iya taɓawa, wannan Hajiya a faɗi aikinta kawai a wuce. A cikin baƙi goma na babban teburi, da wuya a sami fiye da biyu ko uku da za a yi wa raha, sauran a gabatar da su da sunansu da muƙaminsu daidai. Su biyun ko ukun nan kuma, mai gabatarwa ya same su kafin a zauna, ya gaishe su, ya faɗa musu abin da yake shirin cewa, in ɗaya ya ce a bari sai a bari.